Niƙa Robar Firinta a Gida: Riba ko Wahala?

A Yana, mai firintar da ke gina kaya da zaren roba yakan tara buhun ɓarna. Mayar da ita zare a gida yana yiwuwa, amma da wuya ya biya.

Niƙawa ba ita ce matsalar ba. Wuyar tana wajen injin narkarwa, don dole zaren ya fito da kaurin milimita 1.75 daidai. In ya kumbura ya toshe bakin firinta, in ya sirance aiki ya yi ramuka. Wuta ta ɗauke ana cikin ja, zafi ya sauka, kauri ya lalace. Ga ƙurar hunturu, ga danshin damina da ke sa robar kumfa, sai an busar da ita tukuna. Gutsuren PETG kaɗan cikin PLA ya isa ya ɓata nadi guda.

Ɓarnar firinta ɗaya ba ta mayar da kuɗin injin. Sai dai masu firinta na Yana da Azare su haɗa tasu.