Tamokoful ko RTD: Wane Ma'aunin Zafi Ya Dace da Injin Masana'anta?

A masana'antar madara, akwai inda ake ɗumama nono zuwa digiri 72 na Salshiyos, a riƙe shi a haka na daƙiƙa 15 domin kashe ƙwayoyin cuta. A kamfanin siminti irin na Obajana ko Ashaka ko Sakkwato kuwa, sai an ƙona garin dutse har kusan digiri 1,450 kafin ya zama abin da ake niƙawa. A wuraren biyu ba mutum ne ke tsaye yana ƙara wuta yana ragewa ba. Wata na'ura ce da ake kira kwanturola take karɓar rahoton zafi daga ma'auni, ta gwada shi da adadin da aka sa mata, sannan ta buɗe bawul ɗin tururi ko na mai, ko ta rufe. Zafin ya canja, ma'aunin ya sake kawo rahoto, haka abin ke ta kewayawa ba dare ba rana.

Kwanturola ba ta taɓa madara, ba ta leƙa cikin tanda. Abin da waya ta kawo mata shi ne gaskiyarta. Shi ya sa zaɓen ma'auni ba ya ƙarewa a kan ƙarfen da aka soka cikin bututu. Ya haɗa da wayar da ta ɗauko saƙon da kuma na'urar da ke gyara shi kafin ya isa. Ma'aunai biyu ne suka fi yawa a wannan aiki: RTD da tamokoful.

Yadda kowanne yake jin zafi

RTD siririyar waya ce ta ƙarfen filatinam, ko kuma shafen filatinam a kan ɗan ƙaramin tangaran. Idan ƙarfe ya yi zafi, turjiyar da yake yi wa lantarki tana ƙaruwa, kuma ta filatinam tana ƙaruwa cikin tsari sananne. William Siemens ne ya kawo shawarar auna zafi ta wannan hanya a 1871. Wanda aka fi gani a kasuwa shi ne mai lamba Pt100: turjiyarsa om 100 ce a digiri sifiri, om 138.5 a digiri 100. Ke nan kowane digiri ɗaya yana ƙara kusan om 0.385. Ba ya samar da wuta da kansa, sai an tura masa 'yar wuta kaɗan an auna yadda ya turje.

Tamokoful kuwa wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban da aka narke bakinsu wuri ɗaya. Thomas Seebeck ya gano a 1821 cewa idan mahaɗar ta fi ɗaya ƙarshen wayoyin zafi, lantarki na bayyana a tsakaninsu. Nau'in K, wanda aka yi da gaurayen nikel, yana ba da kusan milibolt 4 a kan kowane digiri 100. Milibolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt, don haka saƙon ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Abin lura a nan shi ne, tamokoful ba ya faɗin zafin wuri kai tsaye. Bambancin zafi tsakanin bakinsa da ƙarshen wayoyinsa yake faɗa.

Daga nan rabon aikinsu ya samo asali. RTD mai daraja ta A ba ya kuskure fiye da kusan digiri 0.3 a wajen digiri 72, kuma yana daɗewa bai kauce ba. Sai dai ba a cika kai shi sama da digiri 500 zuwa 600 ba, kuma girgiza mai tsanani na iya tsinka shi. Nau'in K na gama-gari kuskurensa kan kai digiri 2.2 ko fiye, amma yana jure zafi har sama da digiri 1,000, yana da ƙarko, yana da araha, kuma siririnsa na saurin jin canji.

Madarar da ba ta kai zafinta ba

Mu ɗauki tukunyar ɗumama madara. Nan kuskuren digiri biyu babban abu ne, don haka Pt100 ne ya dace. An soka shi a bututu, an ja wayar tagulla mai kaurin rabin milimita murabba'i zuwa ɗakin kwanturola, nisan mita 50. Mai haɗin ya yi amfani da waya biyu kawai, ɗaya zuwa ɗaya dawowa.

Irin wannan waya tana da turjiyar kusan om 0.035 a kowace mita. Zuwa da dawowa mita 100 ne, wato om 3.5. Kwanturola ba ta da hanyar rarrabe turjiyar waya da ta ma'auni, jimla kawai take gani. A digiri 72, Pt100 yana da om 127.8. Da zarar jimlar ta kai wannan adadi, allo zai nuna 72, kwanturola ta rage tururi. Amma a lokacin ma'aunin kansa om 124.3 kacal yake da shi, wanda ya yi daidai da digiri 63. A digiri 63 kuwa madara na buƙatar minti 30 kafin ta zama lafiyayya, daƙiƙa 15 ba za ta ishe ta ba. Allo ya nuna lafiya lau, ma'aunin ba shi da laifi, amma madarar da yara za su sha ba ta samu zafin da ake bukata ba.

Maganin wannan shi ne waya ta uku. Da ita na'ura take auna turjiyar hanya ɗaya, ta ɗauka cewa ɗayar ma haka take, ta cire su daga lissafi. Wannan na aiki ne muddin wayoyin uku kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, kuma babu sukurun da ya yi tsatsa. Inda ake son a kawar da shakka gaba ɗaya sai a sa huɗu: biyu su kai wuta, biyu su auna a bakin ma'aunin. Sannan wutar da ake tura masa ba ta wuce mili'am ɗaya a bisa al'ada, domin idan ta yi yawa ita kanta za ta ɗumama filatinam ɗin, ya riƙa faɗin zafin da babu shi.

Tandar da ta wuce ƙa'ida

Yanzu ga tanda da ake gasa ƙarfe a digiri 800. RTD ba shi da wuri a nan, sai nau'in K. A jadawalinsa, digiri 800 na ba da milibolt 33.3, amma jadawalin ya ɗauka cewa ƙarshen wayoyin na kan digiri sifiri. Ɗakin kwanturola kuwa yana kan digiri 25, saboda haka milibolt 32.3 ne ke isowa. Don cike wannan giɓi ake sa ɗan ƙaramin ma'auni a daidai sukurorin da wayoyin suka shiga. Shi zai auna digiri 25 ɗin, na'ura ta mayar da shi milibolt 1.0, ta haɗa, lissafi ya fito 800. Wannan gyara shi ake kira biyan bashin mahaɗar sanyi, kuma babu tamokoful da zai faɗi gaskiya ba tare da shi ba.

Gyaran yana da sharaɗi: dole wayar tamokoful, ko wayar ƙari da aka yi musamman domin nau'in K, ta kai har bakin na'ura. Ga abin da ke faruwa idan bera ya ci wayar, aka maye ta da ta tagulla don ita ce a kusa. Ƙarshen tamokoful ya koma kan akwatin haɗi da ke jikin tanda, inda zafi ya kai digiri 60, amma na'ura tana can tana biyan bashin digiri 25. Digiri 35 sun ɓace. Allo zai nuna 765, kwanturola ta ƙara wuta har sai tandar ta kai kusan 835. Alamar wannan cuta ita ce karatu yana bin yanayi: kuskuren ya yi yawa da tsakar rana a watan Afrilu, ya ragu da asubar hunturu.

Juya wayoyin ma na kawo irin wannan. A tsarin launi na ƙasa da ƙasa, nau'in K kore ne da fari, farin shi ne mai alamar ɗebewa. A tsarin Amurka rawaya ne da ja, kuma jan ne mai alamar ɗebewa, saɓanin abin da mai gyaran lantarki ya saba gani a batir. Idan launi ya goge, a kawo maganaɗisu: ƙafar da yake ja ita ce ta ɗebewa.

Gyaran saƙo tun daga tushe

Saƙon milibolt ba ya son doguwar tafiya. Idan wayarsa ta bi kwata ɗaya da kebul ɗin babbar mota mai aiki da wuta, za ta kwaso hayaniyar lantarki, karatu ya riƙa tsalle, bawul ya yi ta buɗewa da rufewa har ya lalace. Ana murɗa wayoyin a juna, a sa musu rigar ƙarfe da aka haɗa da ƙasa a gefe ɗaya kawai, a kuma raba hanyarsu da ta manyan kebul.

Abin da ya fi wannan shi ne a ɗaura tiransimita a kan ma'aunin kansa. 'Yar na'ura ce da ke cire turjiyar waya ko biyan bashin mahaɗar sanyi, ta miƙe lissafi, ta mayar da zafin wuta mai gudana tsakanin mili'am 4 da 20. Idan an saita ta daga digiri sifiri zuwa 100, to digiri 72 zai fito mili'am 15.5. Wannan wuta ba ta raguwa saboda tsawon waya, kuma wayar tagulla ta isa ɗaukarta. Tun da sifiri ma mili'am 4 ne, ganin babu wuta sam yana nufin layi ya tsinke.

Dole kuma a san abin da zai faru ranar da ma'auni ya mutu. RTD idan ya tsinke turjiyarsa na hawa sama, allo ya nuna zafi mai yawa, wuta ta mutu. Tamokoful kuwa sai an saita na'ura ta gane tsinkewa ta kai karatu sama, in ba haka ba kwanturola na iya ɗauka tanda ta huce ta buɗe wuta gaba ɗaya. Mafi haɗari shi ne wayoyinsa biyu su goge su taɓa juna a hanya. Nan take wurin ya zama sabuwar mahaɗa, ya riƙa kawo zafin wajen tanda, kuma babu ƙararrawar tsinkewa da za ta buga. Saboda haka ake sa wa manyan tandu ma'auni na biyu mai zaman kansa wanda aikinsa kawai kashe wuta.

Ga mai masana'anta ko injiniyan da zai sayi kaya, tambayar farko ita ce iyakar zafin da za a auna da kuma kuskuren da aikin zai iya ɗauka. Abinci, magani, ruwan zafi da tururi na ƙasa da digiri 400 sun fi dacewa da Pt100 mai waya uku ko huɗu. Tanda, bakin hayaƙi da wurin girgiza na tamokoful ne. Bayan an haɗa, a gwada layin gaba ɗayansa: a tsoma ma'aunin cikin dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, a je ɗakin kwanturola a duba ko allo ya nuna sifiri. Kuskuren wayar madarar nan zai fito fili a wannan gwaji, allo ya nuna digiri 9, tun kafin a buɗe wa nono hanya.