Najeriya ko Nijeriya? Takardar da ke raba gardamar marubuta

Ka buɗe wata mujalla, a shafi na uku ka ga "Najeriya", a na bakwai "Nijeriya". Wani marubuci ya sa "gidansa", abokin aikinsa ya sa "gidan sa". Mai karatu ba zai kai ƙara ba, amma a ransa ya san gidan nan babu babba.

Maganin abin shi ne kundin salon rubutu, wato takardar da edita ke tara hukuncin da aka yanke kan kowace gardama, don kada a sake yin ta gobe. Shafi biyu sun isa a fara. Kowane layi ya ɗauki ƙa'ida ɗaya da misalin daidai da na kuskure, domin marubuci ya fi tuna misali a kan dogon bayani.

Hukuncin iri biyu ne. Akwai wanda ƙa'idar rubutun Hausa ta riga ta yanke, kamar haruffa masu lanƙwasa: wanda ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi" ya sauya magana ɗungurum. Akwai kuma zaɓin gida. Najeriya na rubuta "'ya'ya", Nijar na rubuta "ƴaƴa", kuma kowanne daidai ne a ƙasarsa. Haka "Zariya" da "Zaria". A nan edita ya ɗauki ɗaya kawai, ya tsaya a kai.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne rabin kalma. Ɗauki "akan" da "a kan". "Akan yi ruwa a watan Agusta" al'ada ce ake faɗi, don haka a haɗe take. "Littafin yana a kan tebur" wuri ne, sai a raba. Editan da ya gaji ya umarci kwamfuta ta mayar da kowane "akan" zuwa "a kan" a lokaci guda, to ya gyara rabi ya ɓata rabi. Irin wannan sai ido, jimla bayan jimla.

Murya ta fi wuyar kamawa. "A rubuta da ladabi" ba ƙa'ida ba ce, don kowa gani yake shi mai ladabi ne. Abin da ke aiki shi ne a faɗi takamaimai: da "kai" za a yi wa mai karatu magana ko da "ku"? A kawo cikakkiyar sarautar mutum a ambaton farko, daga nan sunansa kaɗai? Ni dai ban yarda kundi ya hana Basakkwace karin maganar garinsu ba; rubutun kalma ake daidaitawa, ba bakin mutum ba.

Tsarin shafi kuwa ba ya cin lokaci: kuɗi "Naira 5,000" ko "naira dubu biyar", kwanan wata "3 ga Mayu", kanun labari da babban baƙi a farkonsa kawai. Duk ranar da edita ya gyara abu ɗaya sau uku a hannun mutum biyu, ranar ya ƙara layi a kundin, ya sa kwanan wata a gefensa.