Kunkuru da zomo a cikin jerin lambobi

Akwai wata tambaya da ake yawan jefa wa masu neman aikin rubuta manhaja. A ba ka jeri mai gurbi shida, kowane gurbi ɗauke da lamba tsakanin 1 da 5, a ce ka fito da lambar da aka maimaita. Dole ne a sami maimaici, tunda lambobi biyar ba sa cika gurbi shida sai ɗaya ta dawo. Haka abin yake ko da gurabun sun kai miliyan: muddin yawansu `n + 1` ne, lambobin kuma daga 1 zuwa `n`, akwai wadda ta zo fiye da sau ɗaya.

A jeri mai gurbi shida ido ma ya isa. Sharuɗɗan da ake gindayawa su ne ke sa gumi: kada ka taɓa jerin, kada ka buɗe wani wurin ajiya mai girma da girman jerin, kuma kada aikin ya yi ta ninkuwa idan lambobin sun yi yawa. Sharaɗin farko ya hana ka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba. Na biyu ya hana ka rubuta duk lambar da ka gani a gefe. Mai wayo zai ce a tara lambobin a debe jimillar 1 zuwa `n`, abin da ya saura shi ne amsa. Wannan tana ci ne kawai idan kowace lamba ta bayyana, ɗaya kuma ta zo sau biyu. Gwada ta a kan `[2, 2, 2, 2, 2]`: jimilla 10, jimillar 1 zuwa 4 ita ma 10, saura sifili, alhali ga 2 nan zube har sau biyar.

Mafita tana cikin yadda ake karanta jerin. Kwamfuta tana ƙirga gurabu daga 0, don haka jeri mai gurbi shida yana da gurbi na 0 zuwa na 5. Kowace lamba da ke ciki ke nan tana iya zama adireshin wani gurbi. Kamar rumfunan kasuwa ne, inda kowane mai rumfa ke ce maka ba shi da abin da kake nema, amma je ka rumfa kaza. Ga jerinmu:

`[3, 1, 4, 2, 5, 2]`

Fara daga gurbi na 0. Yana ɗauke da 3, sai ka tafi gurbi na 3. Can ka tarar da 2, ka tafi na 2. Shi kuma ya tura ka na 4, na 4 ya tura ka na 5, na 5 ya mai da kai na 2. Daga nan ka shiga zagaye: 2, 4, 5, 2, 4, 5, babu fita. Tafiyar ta kasu biyu ke nan, miƙaƙƙiyar hanya mai taku biyu, sannan da'ira mai gurbi uku.

A lura da gurbin da aka shiga da'irar ta cikinsa, wato na 2. Gurabu biyu ne suke turo mutum can: na 3 daga waje, na 5 daga ciki. Gurbi ba ya turo ka na 2 sai in lambar 2 ce a cikinsa, saboda haka 2 tana rubuce a wuri biyu. Ƙofar da'ira ita ce lambar da aka maimaita, kuma duk sauran aikin neman wannan ƙofa ne. Abin da ya tabbatar da samuwar hanyar waje shi ne babu 0 a cikin lambobin, don haka babu mai mai da kai inda ka faro. Gurbi na 1 a misalinmu kansa yake nunawa, amma bai dame mu ba, tunda tafiyarmu ba ta bi ta kansa.

To yaya za a gane ƙofar ba tare da rubuta inda aka bi ba? Nan ne manuni biyu ke shigowa. Manuni ba komai ba ne illa lamba guda da ke riƙe da inda ake a yanzu. Ɗaya, kunkuru, taku ɗaya yake yi. Ɗayan, zomo, biyu-biyu. Donald Knuth ya kawo wannan dabara a juzu'i na biyu na littafinsa kan fasahar tsara manhaja a 1969, ya jingina ta ga Robert Floyd, wanda ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1978.

Su biyun su tashi daga 0. A motsi na farko kunkuru yana 3, zomo yana 2. A na biyu kunkuru yana 2, zomo yana 5. A na uku duka suna 4. Haɗuwarsu ba sa'a ba ce: da zarar sun shiga da'ira, zomo yana rage tazarar da ke tsakaninsa da kunkuru da gurbi ɗaya a kowane motsi, don haka ba zai tsallake shi ba.

Amma fa 4 ba ita ce amsa ba, kuma nan ne da yawa ke faɗawa rami. Inda suka haɗu wani wuri ne kawai a cikin da'ira. Sai an yi zango na biyu: a bar kunkuru a 4, a mai da zomo 0, yanzu kowa taku ɗaya. Motsi na farko, kunkuru 5, zomo 3. Motsi na biyu, duka 2.

Dalilin ya fi dabarar daɗi, a ganina. Lokacin haɗuwar farko kunkuru ya yi taku 3, zomo ya yi 6. Rarar da zomo ya yi daidai take da abin da kunkuru ya taka, kuma tunda wuri guda suke tsaye, wannan rara cikakken zagaye ne, ɗaya ko fiye. Ashe yawan takun kunkuru tun daga 0 daidai yake da cikakkun zagaye. In ka ƙara masa tsawon miƙaƙƙiyar hanya, jimillar takunsa ta zama hanya da cikakkun zagaye, wanda ke ajiye shi a bakin ƙofa. A daidai wannan taku ne wanda ya taso daga 0 yake isowa ƙofar.

Ga shi a harshen Python:

```python
def nemo(a):
    kunkuru = a[0]
    zomo = a[a[0]]
    while kunkuru != zomo:
        kunkuru = a[kunkuru]
        zomo = a[a[zomo]]
    zomo = 0
    while kunkuru != zomo:
        kunkuru = a[kunkuru]
        zomo = a[zomo]
    return zomo
```

Layi na biyu da na uku sun yi motsin farko da gangan. Da an ajiye su duka a 0, kwamfuta za ta ga sun riga sun haɗu, ta wuce ba ta nemi komai ba, ta ba ka 0.

Lambobi biyu kacal aka riƙe, jerin yana nan yadda yake, kuma in ya ninka, aikin ba zai wuce ninki ba. Masu fannin suna rubuta wannan `O(n)` wajen lokaci, `O(1)` wajen ajiya.

Sai dai dabarar ba ta yafe saɓa sharaɗi. Lamba ta wuce `n`, manuni ya faɗa wajen jeri, Python ya tsaya da `IndexError`. Wannan ma da sauƙi, don an faɗa maka. Wanda ya fi muni shi ne 0 ya shigo. Ba ta `[0, 1, 1]`, za ta amsa 0 ba tare da ko gezau ba, alhali 1 ce ta maimaitu. Idan kuma lambobi biyu daban-daban ne suka maimaitu, ɗaya kawai za ta kawo, wadda ta zama ƙofar da'irar da tafiya daga 0 ta faɗa ciki. Mai son a lissafo masa dukkansu sai ya sassauta ɗaya daga cikin sharuɗɗan: ya yarda a taɓa jerin, ko a ci wurin ajiya, ko a ɓata ƙarin lokaci.