Kuskuren da Ke Ninka Kansa

A sa bakin sandar ƙarfe a wuta, sannu a hankali zafi zai bi jikinta har ɗaya bakin. Kwamfuta ba ta iya bin wannan tafiya a dunƙule. Sai an yanka mata sandar gaɓa-gaɓa, an yanka lokaci taki-taki, sannan ta lissafa sabon zafin kowace gaɓa daga nata na yanzu da na maƙwabtanta biyu. To, wa ya ce amsarta ita ce ta gaskiya?

A 1956 Peter Lax da Robert Richtmyer suka wallafa amsa. Dabarar lissafi tana bukatar abu biyu. Na farko dacewa: idan aka yi ta ƙanƙanta gaɓoɓi da taki, dabarar ta koma kamar ainihin dokar yaɗuwar zafi. Na biyu tsayuwa: ɗan kuskuren da ya shigo kada ya yi ta girma ba iyaka. Suka tabbatar cewa muddin akwai dacewa, dabarar da ta tsaya za ta kusanci amsar gaskiya, wadda ba ta tsaya ba kuwa babu wannan tabbaci a kanta. Ribar a fili take, domin ana iya gwada tsayuwa ba tare da an san amsar ba.

A dabara mafi sauƙi komai ya rataya a wuyan lamba ɗaya, r = kΔt/Δx², inda k ke nuna saurin bin zafi a ƙarfen, Δt tsawon taki, Δx tsawon gaɓa. Kuskure mafi haɗari shi ne mai kama da haƙoran zarto, gaɓa ɗaya ta ɗara kaɗan, ta kusa da ita ta gaza kaɗan. Kowane taki ana ninka shi da 1 − 4r.

Idan r ta zama 0.4, ana ninka shi da −0.6, bayan taki 10 ya kusa ɓacewa. Idan ta zama 1, sai ya riƙa ninkuwa uku yana juya alama. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na digiri, bayan taki 20, ya kai wajen digiri 3,487, fiye da ninki biyu na zafin da ke narkar da ƙarfe. Alhali dabarar ta dace sarai! Mai kallon allo zai ga lambobi suna tsalle sama da ƙasa, daga nan su haukace.

Iyakar ita ce r kada ta wuce rabi, kuma tana da tsada: wanda ya raba tsawon gaɓa biyu, dole ya raba taki huɗu.

Hukuncin yana aiki ne kawai a matsalar da amsarta ɗaya ce kuma ba ta birkicewa don an ɗan taɓa farkonta, wadda kuma in an ninka abin da aka zuba mata sakamako ya ninku daidai. Guguwar iska da igiyar fashewar bam ba sa bin wannan sharaɗi na ƙarshe, don haka su sai an nemo musu wasu hujjoji.