Karatun PDF a ƙaramar waya ba tare da wahalar da ido ba

Duk wanda aka taɓa turo wa littafi ko takardar lacca ta WhatsApp ya san wannan wahala: ka buɗe, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ka buɗa shi da yatsu biyu, sai kuma ka dinga jan shafi hagu da dama kafin ka kai ƙarshen layi guda. Shafi uku, ido ya fara ruwa.

Dalilin a fili yake. Shafin PDF a daskare yake, ba ya bin girman allo kamar yadda EPUB ke yi. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, allon waya a tsaye kuwa kusan 7, don haka kowane harafi yakan koma kashi ɗaya cikin uku na girmansa. To kwantar da wayar, faɗin ya kai wajen santimita 15. Sannan ka yanke farin gefen shafi, wanda yakan ci santimita biyu da rabi a kowane ɓangare, rubutun da ya rage bai wuce 16 ba. Ka ga ke nan ya kusa dawowa girmansa na kan takarda. Manhajar ReadEra tana yin wannan yankan, kyauta ce, ba talla, kuma ba ta buƙatar data. Ni da ita nake fara ba kowa shawara.

In har yanzu rubutun bai yi maka ba, sai ka gane irin PDF ɗin da ke hannunka. Danna yatsa a kan kalma ɗaya ka riƙe. Idan ta yi launi, rubutu ne na gaske, kuma Librera za ta iya warware layukan ta jera su daidai faɗin allonka. Idan ba abin da ya motsa, hoton shafi ne aka ɗauka, irin na tsofaffin littattafai. Nan sai KOReader, wadda ke yayyanka hoton kalma-kalma ta sake jera shi, ko da yake saitinta na son haƙuri. Amma a kula: jadawali da lissafi sukan wargaje, haka ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe zuwa wasu alamomi idan da tsohon salon haruffa aka buga littafin. Da ka ga haka, koma wa shafin asali.

Littafin saurare kuwa, LibriVox na ba da shi kyauta tun 2005, sai dai galibinsa tsofaffin littattafan Turanci ne. Sautin awa guda yakan ci kusan megabait 30, littafin awa goma ke nan ya tasar wa 300. Kada ka saurare shi kai tsaye da datar rana, ɗan'uwa. Sauke shi da garaɓasar dare, ka ajiye a memori.