Hoton masallaci da dare a kwamfuta

Mai zanen gini da ke haɗa hoton masallaci a Dutse, kafin a kafa tubali, zai fi dacewa ya saita sararin sama kan shuɗin bayan magariba, ba baƙi ƙirin ba. Fitilun ciki su kasance masu ɗumi, wajen 2700 K, domin tagogi su yi haske ruwan zuma. Sai ya kafa ƙananan fitilu a gindin hasumiya suna haskawa sama.

Matsalar tana wajen duwatsun da ke bayan ginin. Ya duba histogram: idan ya taru a gefen hagu, inuwa ta cinye duwatsun. Maganinsa ƙara hasken sama kaɗan, har tsagewar dutse ta bayyana.