Sauya bayan hoton kaya ba tare da ido ya gane ba

Mai sayar da turare ta waya ta ɗauki hoton kwalba a kan koren kyalle, ga haske yana shigowa ta tagar hagu. Yanzu tana son kwalbar ta fito a kan fari fat, domin manyan kasuwannin intanet irin su Amazon sun shar'anta farin baya a babban hoton kaya. Cire kyallen aikin minti ɗaya ne a Photoshop, GIMP ko Photopea. Abin da ke cin lokaci shi ne sawun da kyallen ya bari a jikin kwalbar, da inuwar da ta tafi tare da shi.

Daga gefe ake farawa. Kwalba tana da baki mai kaifi, don haka Pen Tool ya fi zaɓin da manhaja ke yi da kanta. A bi gefen ana shiga ciki da fiksel ɗaya, saboda fiksel na ƙarshe gauraye yake: rabinsa kwalba, rabinsa kyalle. In aka bar shi, sai siririn zare kore ya zagaye kayan. Sannan a tausasa yankan da Feather na rabin fiksel zuwa ɗaya, domin babu kyamarar da ke fitar da gefe mai kaifin reza. Kada a goge komai. A ɓoye tsohon bayan da Layer Mask, yadda in an ci murfin kwalbar za a iya dawo da shi.

Ko an yanke da kyau, kore bai gama fita ba. Murfin ruwan zinare ya ɗauki launin kyallen ta ƙasa, gilashin kuma yana nuna abin da ke bayansa. A murfin, sai a buɗe Hue/Saturation, a zaɓi Greens, a rage ƙarfinsa a wurin da ya shafa kaɗai. Da an rage a duk hoton, ruwan turaren ma zai sauya launi, mai saye ya ce ba abin da ya gani aka kawo masa ba. A gilashin da babu turare, sai a shafa launin toka a kan Layer Mask, domin sabon bayan ya riƙa lekowa kaɗan. Duhun gefen gilashin da ƙyallinsa kuwa a bar su yadda suke, su ne ke nuna cewa gilashi ne.

Inuwa ita ce ke zaunar da kaya a ƙasa. Wadda ta fi kowace ita ce ta asali. Inda aka yi hoton a kan farar takarda ko tebur mai sumul, ana kwafar hoton a ajiye ƙarƙashin kwalbar, a cire masa launi, a ja Levels har kewayen ya yi fari, a mai da shi Multiply. Farin zai ɓace, inuwar ta tsaya. A kan kyalle wannan dabara ba ta ci, domin saƙar zaren za ta fito cikin inuwar. Nan dole a zana sabuwa, kuma guda biyu ne. Ta farko siririya ce mai duhu, daidai inda gindin kwalbar ya taɓa ƙasa. In babu ita, kwalbar za ta zama kamar tana shawagi. Ta biyu ita ce mai miƙewa. Tunda ƙyallin kwalbar yana hagu, dama za ta faɗi, da duhu da kaifi kusa da gindi, tana laushi tana dusashewa yayin da take nisa. Inuwar gilashi ba ta yin baƙi wuluk, kuma takan ɗauki ɗan launin turaren.

Wani lokaci ana son kwalbar a kan dandamali mai sheƙi, surarta tana bayyana a ƙasa. Flip Vertical yana aiki ne kawai idan an ɗauki hoton daidai saitin kwalbar, gindinta ya fito a miƙe. In daga sama aka ɗan ɗauka, gindin yana da lanƙwasa, kuma juya shi zai bar giɓi a gefe biyu; sai an lanƙwasa surar da Warp har ta haɗu da gindin. Bayan haka a rage ta zuwa kusan kashi 20 ko 30 cikin ɗari, tana ɓacewa a hankali zuwa ƙasa.

Kafin a tura, a saka baƙin baya na ɗan lokaci, a ƙara girman hoton zuwa kashi 300, a bi gefen kwalbar: duk ragowar da ya ɓuya a kan fari zai fito. Daga nan a dawo da farin, a duba hoton a waya, a girman da mai saye zai gan shi. Inuwar da ta yi nauyi ko ta faɗi ɓangaren da hasken yake, a ƙaramin hoto ta fi saurin tona kanta.